Yadda Ake Auna Takardar Babban Manaja Mai Neman Kujerar Darakta

Takardar tarihin aiki, wadda aka fi sani da sibi, idan ta babban manaja ce da ya shafe shekara goma sha biyar a bakin aiki, kusan kullum cike take da manyan lambobi. Za ka ga ya rubuta cewa ya kula da kasafin biliyoyin naira, ya jagoranci ɗaruruwan ma'aikata, ya ɗaga kuɗin shigar kamfani da kashi kaza cikin ɗari. Mai yiwuwa babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Matsalar ita ce lamba ba ta faɗin wanda ke da ikon yanke hukunci a kanta, kuma wannan ikon shi ne abin da ake ɗaukar darakta dominsa. Babban manaja ana miƙa masa tsari ya aiwatar da shi da kyau. Darakta kuwa shi ne yake zaɓen abin da za a yi da abin da za a bari, ya raba kuɗi da mutane bisa wannan zaɓin, sannan ya tsaya gaban hukumar gudanarwa ya amsa tambaya idan lissafi bai fita ba. Saboda haka duk karatun takardar ya ta'allaƙa a kan tambaya guda: a cikin abin da ya lissafa, wanne ne ba ya motsi sai da sa hannunsa?

Domin maganar ta zauna, za mu bi misali guda tun daga farko. Lambobin kamfanin da na masu nema na koyarwa ne, amma farashin canji da hauhawar farashi na gaske ne. A ce kamfanin casar shinkafa a Kano yana neman daraktan ayyuka, kuma takardu biyu ne suka kai zagayen ƙarshe.

Fara auna kujerar kafin ka auna mutum

Kafin a buɗe takardar kowa, a rubuta girman kujerar a shafi ɗaya. Ana yawan tsallake wannan, sai kwamiti ya ƙare da zaɓen wanda lambarsa ta fi girma, domin babu ma'aunin da za a ɗora shi a kai. A misalinmu shafin zai ce: kasafin shekara naira biliyan 6, ma'aikata 280 a masana'anta ɗaya da sito biyu, manajoji biyar kai tsaye a ƙarƙashinsa (na sarrafawa, na sayen shanshera, na sufuri, na gyaran injina, na kula da inganci). A ƙasan shafin a rubuta matsalar da ake so ya warware cikin shekara biyu. A nan matsalar ita ce injina suna aiki ƙasa da ƙarfinsu wata huɗu a shekara saboda shanshera tana yankewa, ga kuɗin dakon kaya yana cin riba.

A kuma tantance wane irin darakta ake nufi. Akwai darakta na laƙabi, shugaban sashe, akwai kuma wanda ke zama a hukumar gudanarwa, wanda dokar kamfanoni ta 2020 ta ɗora wa nauyin amana kuma sunansa yake cikin rajistar CAC, hukumar yi wa kamfanoni rajista. Idan mai nema ya rubuta cewa ya taɓa zama darakta, a san wanne ne daga ciki. Na biyun ana iya tabbatar da shi a rajista.

Kasafi: naira nawa, ta wace shekara, a hannun wa

Mai nema na farko ya rubuta cewa ya kula da kasafin naira biliyan 12 a 2024. Na biyu ya rubuta naira biliyan 2.5 a 2019. Da ganin farko an gama magana, na farko ya ninka na biyu kusan sau biyar. Amma akwai tankaɗe uku da za a yi wa kowace lamba.

Tankaɗe na farko shi ne shekara. Nairar 2019 ba ita ce nairar 2024 ba. A 2019 dala tana wajen naira 360 a kasuwar masu zuba jari da masu fitar da kaya. A watan Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya saki farashin canji, kuma a mafi yawan 2024 dala tana kai-komo a wajen naira 1,500. Idan aka raba biliyan 12 da 1,500 za a samu dala miliyan 8. Idan aka raba biliyan 2.5 da 360 za a samu kusan dala miliyan 7. Tazarar da ta yi kama da ninki biyar ta koma 'yar kaɗan. A lura dai, dala ma'auni ce mai kyau idan kasafin ya ƙunshi dizal, kayan gyaran injina da sauran abin da farashinsa ke bin canji. Idan galibinsa albashi ne, dala za ta kumbura tsohon kasafi fiye da ƙima, domin albashi bai tashi yadda dala ta tashi ba. A irin wannan hali gara a yi amfani da alƙaluman hauhawar farashi, ko a koma ga adadin mutanen da kasafin ke biya. Wanda ya yi aiki a Nijar kuwa lissafinsa ya fi sauƙi, tunda sefa a ɗaure take da yuro a kan farashi guda.

Tankaɗe na biyu shi ne irin kuɗin. Kalmar kasafi tana ɗaukar abubuwa da ba su da dangantaka. Wani kuɗin shigar da sashensa ya kawo yake nufi, wani kuɗin gudanarwa na yau da kullum, wani kuɗin manyan ayyuka kamar gina sito ko sayen inji, wani kuma darajar kayan da suka bi ta hannunsa kawai. Manajan sito zai iya cewa ya kula da kaya na biliyan goma, kuma gaskiya ne, amma bai saye su ba, bai sa musu farashi ba, ajiya aka ba shi. Wanda ya fito daga ƙungiyar agaji a duba ko jimlar tallafin shekara biyar ya rubuta a matsayin kasafi, a raba ta da yawan shekarun, a kuma cire abin da ake turawa kai tsaye ga ƙananan ƙungiyoyi abokan aiki. Wanda ya fito daga gwamnati a tambaye shi abin da aka saki, domin abin da majalisa ta amince da shi a takarda daban, abin da ya iso asusun ma'aikata daban.

Tankaɗe na uku shi ne ya fi nauyi, wato iko. Akwai hawa huɗu da mutum zai iya tsayawa a kai dangane da kasafi. Wani bibiya yake yi, yana rubuta rahoton abin da aka kashe. Wani kashewa yake yi cikin iyakar da aka yanka masa. Wani shi yake tsara kasafin tun daga tushe, ya kai shi gaban hukuma ya kare. Na sama kuwa shi ne wanda riba da faɗuwar sashe gaba ɗaya ke wuyansa, yana iya cire kuɗi daga wani layi ya mayar wani. Kujerar darakta tana buƙatar hawa na uku ko na huɗu. Duk hawan huɗu a takarda ana rubuta su da kalma ɗaya, "na kula da", shi ya sa ba a dogara da ita.

Abin da ke tona wannan cikin sauri shi ne iyakar sa hannu: naira nawa zai iya amincewa a kashe ba tare da ya nemi izinin na sama ba? A misalinmu, da aka bincika, a cikin biliyan 12 na mai nema na farko biliyan 10 kuɗin sayen ɗanyen kaya ne da hedikwata ke yanke farashinsa da lokacin sayensa. Abin da ya rage hannunsa biliyan 2 ne, kuma duk abin da ya haura naira miliyan 5 sai an tura sama. Mai nema na biyu shi yake tsara biliyan 2.5 ɗinsa duka, yana kare shi a gaban hukuma kowace shekara, iyakar sa hannunsa miliyan 50 a nairar wancan lokaci. A wannan ɓangaren na biyu ne ya fi kusa da kujerar, duk da ƙanƙantar lambarsa.

Game da tsalle daga ƙaramin kasafi zuwa babba, ra'ayinmu shi ne wanda ya riƙe sulusi ko rabin kasafin kujerar da cikakken iko zai iya ɗauka. Idan abin da ya taɓa riƙewa bai kai kashi ɗaya cikin goma ba, akwai haɗari, domin a wannan girman yanayin aikin kansa yana sauyawa: ba zai ƙara iya duba kowace takardar biya da idonsa ba, sai ya dogara da tsari da mutane.

Jama'a: su wa yake jagoranta da gaske

"Na jagoranci mutum 400." A fasa wannan lambar gida uku: waɗanda ke kai masa rahoto kai tsaye, ma'aikatan dindindin da ke ƙarƙashin waɗannan, sai na wucin gadi da na 'yan kwangila. Na mai nema na farko ta fito haka: shugabannin aiki shida, ma'aikatan dindindin 44, leburorin lodi da sauke kaya 350 da ɗan kwangila ke kawowa yana biyansu. Tafiyar da leburori 350 aiki ne mai wahala, kada a raina shi. Sai dai ba shi yake ɗaukarsu ba, ba shi yake ƙara musu girma ba, kuma idan sun yi yajin aiki ɗan kwangilar ake kira.

Abin da ake nema ga darakta shi ne ko ya taɓa jagorantar masu jagoranci. Wanda ke da ma'aikata 30 duk suna kai masa rahoto kai tsaye yana warware matsala da kansa. Wanda ke da manajoji huɗu, kowanne da jama'arsa, dole ya koyi samun sakamako ta hannun wasu, ya haƙura da yin aikin da ya fi kowa iyawa. Yawancin manajojin da suka kasa a kujerar darakta a nan suke faɗuwa: suna komawa aikin da suka baro, suna tsallake manajojinsu suna ba ƙananan ma'aikata umarni, har manajojin su naɗe hannu. Mai nema na biyu mutum 90 kacal ya jagoranta, amma ta hannun manajoji huɗu, a garuruwa uku.

Sannan a duba bambancin sana'o'in da ke ƙarƙashinsa. Injiniyan da duk rayuwarsa injiniyoyi ya jagoranta yana iya auna aikinsu domin ya san shi. Daraktan ayyuka na kamfanin shinkafa zai shugabanci mai sayen shanshera a kasuwar ƙauye, da mai kula da tireloli, da mai gwajin inganci, kuma ba zai zama gwani a duka ba. Shaidar cewa ya taɓa riƙe sashe biyu ko uku mabambanta ta fi ƙarin mutum ɗari a sashe guda daraja.

Abu na ƙarshe a nan ba kasafai ake rubuta shi a takarda ba, sai an tambaya. Wa ya ɗauka aiki da kansa, wa ya sallama, kuma mutum nawa daga cikin yaransa suka zama manajoji? Babban manajan da ya yi shekara takwas bai iya ambaton mutum ɗaya da ya raina har ya hau ba, a yi hattara da shi.

Sakamako: inda aka fi ruɗar kwamiti

Mai nema na farko ya rubuta: "Na ƙara kuɗin shiga da kashi 60 cikin 100 daga ƙarshen 2022 zuwa ƙarshen 2024." Jimla ce mai ɗaukar ido. To a ɗora ta a kan hauhawar farashi. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna hauhawar kashi 28.92 cikin 100 a Disambar 2023, da kashi 34.80 a Disambar 2024. Ba tara su ake yi ba, ninkawa ake yi: 1.2892 sau 1.348 ya ba da kusan 1.74. Wato farashin kaya gaba ɗaya ya tashi da kusan kashi 74 cikin 100 a shekara biyun. Idan aka raba 1.60 da 1.74 za a samu 0.92. Ma'ana, kuɗin shigar da ya ce ya ƙaru da kashi 60, a haƙiƙanin daraja ya ragu da kusan kashi 8. Ba lallai laifinsa ba ne, shekaru ne masu tsanani, an cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kowa ya ji a jikinsa. Amma ba nasara ba ce da za a ba shi kujera a kanta. Shi ya sa a kowane sakamako na naira a nemi takwaransa na adadi: buhu nawa, tan nawa, kwastoma nawa, kwana nawa.

Sakamakon da ya cancanci a kira shi na dabara yana da gaɓoɓi biyar, kuma a nemi kowacce a cikin jimlar: daga ina aka tashi, wane zaɓi aka yi, ina aka kai, cikin wane lokaci, kuma abin ya ɗore bayan nan. Ga yadda mai nema na biyu ya rubuta nasa: ya tarar da sito uku, ɗaya ba ya cika rabi. Ya ba hukuma shawarar rufe shi, a mayar da kuɗin hayarsa da ma'aikatansa wajen ƙulla yarjejeniya da manoma tun kafin girbi. Cikin wata goma sha takwas, kwanakin da injina ke tsayawa don rashin kaya suka sauko daga 70 zuwa 25 a shekara.

A lura da abin da ke cikin wannan. Akwai abin da aka bari, wato siton da aka rufe, da mutanen da suka ji haushi. Wannan ita ce alamar hukuncin dabara, domin idan babu abin da aka sadaukar to gyaran aiki ne kawai. Rage ɓarnar buhu da kashi kaza abu ne mai kyau, amma manaja nagari ma zai yi. Sannan ma'aunin kwanaki ne, hauhawar farashi ba ta taɓa shi. Kuma matsalar ita ce daidai wadda aka rubuta a ƙasan shafin kujerar.

Saura tambayar ko aikin nasa ne. A duba ko kasuwar gaba ɗaya ce ta tashi a lokacin. Misali, Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, kuma masu casar shinkafar gida sun samu kasuwa a wannan tsakanin. Duk manajan kamfanin shinkafa da ya nuna ƙarin ciniki a waɗannan watanni, a tambaye shi me ya yi da takwarorinsa ba su yi ba. A kuma haɗa sakamako da tsawon zamansa. Wanda ya yi wata goma sha huɗu a wuri ya ce ya sauya alƙiblar kamfani, ko dai ya girbi abin da wani ya shuka, ko ya tafi kafin a ga ƙarshen nasa. Rage kuɗin gyaran injina yana ƙawata lissafin shekarar farko, sai a shekara ta uku injin ya tsaya a hannun magaji.

Akwai wani abu da ya shafi mutanenmu musamman. Da yawa an tashe su da kunyar yabon kai, za su rubuta "mun yi" ko "an samu" a wurin da su ne suka yi tsayin daka. Wani kuma zai rubuta "na yi" a aikin da zaman taro kawai ya halarta. Kada a yanke hukunci da wakilin suna. A sa alama a wurin, a tambaya.

Ba da maki da kiran tantancewa

Mutum biyu su karanta kowace takarda daban-daban, kowa ya ba da makinsa kafin su haɗu, domin idan babba ya fara magana sauran bin sa suke yi. Maki daga 1 zuwa 5 a kowane ɓangare ya isa, kuma kusa da kowane maki a rubuta jimlar da aka dogara da ita daga takardar. Ga kujera irin ta misalinmu, rabon da muke ba da shawara shi ne kashi 25 ga kasafi, 30 ga jama'a, 45 ga sakamako. Idan kujerar daraktan kuɗi ce, a ɗaga na kasafi. Inda bayani bai isa ba kada a ba da sifili, a rubuta "a tambaya".

A misalinmu, na farko ya samu 2 a kasafi, 2 a jama'a, 2 a sakamako, jimla 2.0. Na biyu ya samu 4, 4, 4 bisa abin da ya rubuta, da sharaɗin a tabbatar. Rauninsa shi ma a fili yake: bai taɓa riƙe mutum 280 ba, kuma mafi ƙarfin shaidarsa ta shekarun baya ce, don haka sai an ji abin da ya yi tun daga lokacin.

Kiran waya na minti ashirin yana cike yawancin giɓin. A tambaye shi wa yake tsara kasafin da wa yake amincewa da shi, da iyakar sa hannunsa. A ce ya lissafo muƙaman da ke kai masa rahoto kai tsaye. A ɗauki sakamako ɗaya a ce ya faɗi sauran zaɓin da ke gabansa a lokacin, da wanda ya yi adawa, da dalilinsa. A ƙare da shekarar da ya wuce kasafi ko ya kasa cimma buri, da abin da ya yanke. Wanda ya riƙe abu da gaske yana amsawa da ƙananan bayanai ba tare da dogon tunani ba: watan da aka yi, layin da aka rage, abin da shugaban hukuma ya ce. Wanda ya tsaya a gefe yana komawa ga manyan kalmomi.

Idan ya ce ba zai iya faɗin ainihin lambobin tsohon kamfaninsa ba saboda sirri, a karɓi kiyasi ko kashi cikin ɗari, wannan alama ce mai kyau. Wanda ya zo da takardun cikin gida na inda ya baro don ya burge kwamiti, haka zai yi da naku.

Tabbatarwa ta ƙarshe a yi ta da izininsa a rubuce, kuma kada a tuntuɓi inda yake aiki yanzu sai ya yarda. Idan kamfanin da ya baro yana kasuwar hannun jari, rahotonsa na shekara a buɗe yake: mai cewa ya riƙe biliyan 12 a kamfanin da duk kuɗin gudanarwarsa biliyan 15 ne, sai ya yi bayani. A nemi magana da mutum biyu, shugabansa na da, da wani manaja da ya yi aiki a ƙarƙashinsa. Shugaban a tambaye shi wa ya fara kawo shawarar rufe siton. Manajan kuma a tambaye shi, ranar da kaya suka yanke a masana'anta, shi aka bari ya warware ko maigidan ne ya sauko ya karɓe aikin.